Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Mai Shago Zai Kai Rahoton Tangarɗar Manhaja Ga Wanda Ya Haɗa Ta

Waɗannan tambayoyi ne da masu shaguna ke yawan maimaitawa idan manhajar da suke rubuta ciniki da lissafin kaya a cikinta ta fara ba su lissafin da bai yi daidai ba. Kusan duk amsoshin suna komawa ga abu guda: mai haɗa manhaja ba ya iya gyara abin da bai gani da idonsa ba, don haka aikin rahotonka shi ne ka sa tangarɗar ta faru a hannunsa kamar yadda ta faru a naka. Za mu bi misali ɗaya tun daga farko har ƙarshe, na wani mai shago da manhajarsa ta riƙa cinye masa kaya a lissafi alhali kayan suna nan a kan kanta.

Ai na gaya masa manhajar ba ta aiki. Me kuma yake so in ce?

Ka ɗauka yaronka na shago ya kira ka a waya ya ce, "Maigida, lissafi bai yi daidai ba," sannan ya kashe. Wane lissafi? Na yau ko na jiya? Na kaya ko na bashi? Dole ka sake kiransa, ka yi ta tambaya ɗaya bayan ɗaya. Halin da mai haɗa manhaja ke shiga ke nan idan ya sami saƙon "ba ta aiki". Zai buɗe manhajar a wayarsa, ya sayar da abu, ya ga komai lafiya lau, ya rasa inda zai dosa.

Rahoton da ke aiki yana amsa tambayoyi huɗu: me ka danna bi da bi, me ka sa ran gani, me ka gani a maimakonsa, kuma a wace waya da wace sigar manhaja. Hotuna shaida ce a kan waɗannan huɗun. Ba a bukatar ka san ko harafi ɗaya na rubutun kwamfuta. Abin da ake bukata shi ne irin kulawar da kake yi idan kana ƙirga kayan da aka sauke maka daga mota.

Ta yaya zan tabbatar manhajar ce ke da laifi, ba ni ko yarona ba?

Wannan tambaya ta cancanci minti goma na lokacinka kafin ka tura komai. A misalinmu, mai shagon yana da kwan lantarki guda 40 a manhaja, haka kuma a kan kanta. Kwastoma ya ɗauki 5, aka rubuta, sai ya canza shawara ya mayar da 2. Aka gyara rasit ɗin ya koma 3. Da yamma da aka ƙirga, kanta na da 37, manhaja kuwa ta ce 32.

Abu na farko da ya yi shi ne duba tarihin cinikin ranar, ko an rubuta cinikin sau biyu bisa kuskure. Rasit ɗaya ne kawai, kuma 3 ne a jikinsa. Sai ya tambayi yaron ko ya sayar da wasu daga wata wayar, ya ce a'a. Sai ya lura da wani abu: gibin da ke tsakanin 37 da 32 guda 5 ne cif, wato daidai adadin da aka fara rubutawa kafin gyara. Kuskuren hannu ba ya cika zuwa da irin wannan daidaito. Idan gibin ya yi daidai da wata lamba da ka shigar da kanka, ko ya ninka ta, ko ya zama rabinta, to ka fara zargin manhajar, kuma ka rubuta wannan lura a rahotonka domin tana iya rage wa mai gyara aikin yini guda.

Me zan fara yi a daidai lokacin da na ga matsalar?

Ka ɗauki hoton fuskar wayar nan take, kafin ka danna komai. Saƙon kuskure yakan ɓace da zarar ka taɓa shi, kuma ba lallai ya dawo ba. Sannan ka rubuta lokacin a takarda har da minti, da lambar rasit ɗin idan akwai. "Jiya da yamma" ba ta isa ba, domin na'urar da ke ajiye bayanan manhajar, wadda ake kira saba, tana rubuta duk abin da ya wuce ta cikinta da lokacinsa, kuma a awa ɗaya tana iya tara layuka masu ɗimbin yawa. Idan ka ce 4:12 na yamma, rasit mai lamba 0417, kai tsaye mai gyara zai je wurin.

Abin da nake roƙon kowane mai shago ya guje wa shi ne goge manhajar ya sake saukewa, ko ya shiga saitin waya ya danna `Clear data`, wanda wasu wayoyin ke rubutawa `Clear storage`. Mutane da yawa suna ba da wannan shawara da kyakkyawar niyya, amma tana iya jawo asara biyu. Duk cinikin da ke cikin wayar wanda bai riga ya hau saba ba zai tafi, ba kuma zai dawo ba. Shaidar da mai gyara zai duba ma za ta tafi tare da shi. `Clear cache` daban ne, shi ajiyar wucin gadi kawai yake sharewa, amma ko shi ka jinkirta har sai ka gama ɗaukar hotuna. Idan manhajar tana da wurin fitar da kwafin bayanai, galibi `Backup` ko `Export`, ka yi shi a ranar.

Yaya ake rubuta matakan? Ni dai na san abin da na yi, amma jera shi ne wahala.

Ka rubuta kamar kana kwatanta wa baƙo hanya, mutumin da bai taɓa shiga unguwar ba. Mataki ɗaya, aiki ɗaya. Ka fara daga buɗe manhajar, ka kira kowane maɓalli da sunan da ke rubuce a jikinsa ko da Turanci ne, kuma ka sa ainihin lambobin da ka shigar. "Na sayar da wasu kaya na gyara" labari ne. "Na rubuta 10, na danna `Save`, na danna `Edit`, na mayar 4" mataki ne da wani zai iya bi.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka sake yin abin da wayar a hannun hagu, biro a hannun dama, kana dannawa kana rubutawa. Idan ka dogara da tunawa, za ka tsallake ƙananan abubuwan da hannunka ya saba yi ba tare da ka lura ba, kuma sau da yawa a cikinsu tangarɗar take. Amma kada ka yi gwajin a kan kayanka na gaske, don za ka ƙara dagula lissafin. Mai shagonmu ya ƙirƙiri wani kaya na ƙarya a manhajar, ya sa masa suna "Gwaji", ya ba shi adadi 100. Lamba mai sauƙi irin wannan tana sa kuskure ya fito fili. Ya sayar da 10, ya gyara rasit ɗin ya koma 4, yana jiran ya ga ko za ta nuna 96 ko wani abu daban.

Sai ta nuna 96. Daidai. Abin da ya yi bayan nan yana cikin amsa ta gaba.

Na maimaita abin da na yi amma matsalar ta ƙi dawowa. Shi ke nan in haƙura?

A'a, wannan ne ma wurin da ya fi bukatar natsuwa. Idan matakai iri ɗaya suka ba da sakamako biyu, to akwai wani abu da ya bambanta tsakanin lokutan biyu wanda ba ka riga ka gano ba. Ka tambayi kanka: a wace waya aka yi na farko? Wa ya shiga, asusun maigida ko na ma'aikaci? Akwai data a lokacin ko babu? An rufe manhajar a tsakani? An buga rasit kafin gyaran? Sai ka gwada su ɗaya bayan ɗaya. Kada ka canza abu biyu a lokaci guda, domin idan matsalar ta fito ba za ka san wanne ya fito da ita ba.

Mai shagonmu ya gwada da asusun yaron, ya sami 96. Ya gwada buga rasit kafin gyara, 96 dai. Sai yaron ya tuna cewa da yammacin ranar sabis ya ɗauke, har kwastomomi suna ta ƙorafi. Nan ya kunna `Airplane mode` don ya yanke wa wayar intanet da gangan, ya mayar da Gwaji 100, ya sayar da 10, ya gyara zuwa 4. Manhajar ta nuna 96. Da ya kashe `Airplane mode`, data ta dawo, manhajar ta aika bayananta zuwa saba, sai lambar ta sauka zuwa 86 a gaban idonsa. Ya sake yi sau biyu, duk sau ukun 86.

Yanzu yana riƙe da abu mai daraja. Ya san tangarɗar tana faruwa idan aka yi ciniki da gyara babu intanet, tana bayyana bayan intanet ta dawo, kuma ya san ba ta faruwa idan akwai intanet tun farko. Wannan na biyun, wato inda matsalar ba ta faruwa, yana da amfani daidai da na farko, don haka ka rubuta shi. Idan kuwa ka yi iya ƙoƙarinka ta ƙi dawowa, ka tura rahoton duk da haka, ka faɗi gaskiya: ta faru sau ɗaya, na gwada sau shida ban sake gani ba, ga lokacin, ga lambar rasit, ga abubuwan da na gwada.

Me ya sa ake so in rubuta abin da na sa ran gani? Ai a bayyane yake.

A wurinka ne yake a bayyane. Mai haɗa manhaja ya san rubutun kwamfuta, amma ba lallai ya taɓa tsayawa bayan kanta ba. Idan ka ce "ta nuna 86" kawai, sai ya zauna ya lissafa ko 86 ɗin kuskure ne. Idan ka ce "ya kamata ya zama 96, domin 100 a cire 4, amma ta nuna 86, kamar ta cire 10 ta kuma cire 4", ka gama masa rabin tunanin.

Wani lokacin ma wannan layin ne ke nuna ba tangarɗa ba ce, bambancin fahimta ne. Misali, wasu manhajojin da gangan ba sa mayar da kayan da aka dawo da su cikin lissafi sai an tabbatar ba su lalace ba. Idan haka ne, cikin minti ɗaya zai nuna maka inda ake tabbatarwar. Ka kuma raba abin da ka gani da abin da kake zato. Zato ba laifi ba ne, amma ka sa shi a ƙarshe, ka kira shi zato.

Yaya ake ɗaukar hoton fuskar waya, kuma guda nawa ya kamata in tura?

A mafi yawan wayoyin Android, ka danna maɓallin kunnawa da na rage sauti a lokaci guda. A iPhone marar maɓallin `Home`, maɓallin gefe da na ƙara sauti. A mai maɓallin `Home` kuwa, shi da maɓallin kunnawa. Idan a kwamfuta mai Windows 10 ko 11 kake aiki, `Win + Shift + S` zai ba ka damar zaɓar wurin da kake so.

Ka ɗauki fuskar gaba ɗaya, kada ka yanke ta ka bar lambar da ta dame ka kaɗai. Layin da ke can sama, mai agogo da alamar sabis da ɗan jirgin sama, shi ne a misalinmu ke tabbatar da cewa babu intanet a lokacin. Wanda ya yanke shi ya jefar da shaidarsa mafi ƙarfi. Idan kana so ka ja hankali zuwa wani wuri, ka zagaye shi da jan layi, amma kada layin ya hau kan lambar.

Game da yawa, kowane hoto ya kasance yana tabbatar da wani abu guda. Mai shagonmu huɗu ya tura: Gwaji yana 100 kafin komai, rasit bayan gyara yana nuna 4, Gwaji yana 96 da alamar jirgin sama a sama, sai Gwaji yana 86 bayan data ta dawo. Kowanne ya faɗi matakin da yake wakilta. Hotuna ashirin da ba su da bayani sun fi guda huɗu masu bayani wahalar da mai dubawa. Idan akwai saƙon kuskure, ka kwafe shi a rubuce harafi da harafi ban da hoton, domin rubutun ne mai gyara zai iya nema a cikin aikinsa, ba ya iya neman hoto.

Manhajar ta hana ɗaukar hoto, baƙi ƙirin yake fitowa. Ko bidiyo ya fi?

Wasu manhajojin, musamman masu taɓa kuɗi, da gangan suke toshe ɗaukar hoto don kare bayanai. Ba wayarka ce ta lalace ba. Ka ɗauki wata wayar ka yi wa fuskar hoto, ka tsaya inda haske ba ya walƙiya a gilashin, sannan ka buɗe hoton ka tabbata lambobin suna karantuwa kafin ka tura.

Bidiyo ya fi hoto idan matsalar motsi ce: manhajar ta rufe kanta, ta daskare, ko lamba ta canza da kanta kamar yadda 96 ta koma 86. Daga Android 11 zuwa sama akwai mai naɗar fuska a cikin wayar, a jerin alamomin da ke fitowa idan ka jawo daga sama, haka ma iPhone tun daga iOS 11, ana ƙara shi a `Control Center`. Ka taƙaita shi, minti ɗaya ya wadatar, ka fara daga buɗe manhajar. Sai dai bidiyo ba ya maye gurbin matakan da aka rubuta, yana raka su ne.

Sunayen kwastomomina da bashin da ake bin su suna cikin hoton. In tura haka?

Kada ka tura haka. Amana ce a hannunka, kuma hoto idan ya bar wayarka ba ka san hannu nawa zai bi ba. Mafita mafi tsabta ita ce wadda aka ambata a amsar rubuta matakai: ka yi gwajin da kaya na ƙarya da kwastoma na ƙarya, sai babu abin ɓoyewa. Idan dole ne ka tura hoton ciniki na gaske, ka rufe suna da lambar waya da lambar asusun banki da launi mai kauri wanda ba a gani ta cikinsa. Alƙalamin haskaka rubutu ba ya rufewa, ko da baƙi ne, domin wanda ya ƙara wa hoton haske yana iya karanta abin da ke ƙasa. Lambar rasit kuwa ka bar ta, da ita za a nemo cinikin.

Lambar sirrinka, da lambar tabbatarwa da ake turowa ta saƙon waya, ba sa shiga rahoto ko kaɗan. Mai haɗa manhaja na gaskiya ba ya bukatar su don ya gyara tangarɗa. Duk wanda ya nemi su da sunan taimako, ka dakata ka tabbatar da wa kake magana.

Ya tambaye ni sigar manhaja da ta waya. A ina zan gani?

A Android, ka shiga `Settings`, sai `Apps`, ka zaɓi manhajar, ka gangara ƙasa, za ka ga lamba irin 3.2.1 kusa da kalmar `version`. Manhajoji da yawa suna nuna ta a cikinsu ma, a wurin `About`. Sigar Android da sunan samfurin wayar suna `Settings`, sai `About phone`. A wayoyin Samsung akan ƙara shiga `Software information`. A iPhone, `Settings`, `General`, `About`.

Kada ka ce "sabuwar ce nake da ita". Masu manhaja suna iya sakin sabuwar siga ga wani kaso na mutane kafin sauran, don haka abin da yake sabo a wurinka yana iya zama na baya a wurinsa. Idan kuma ka tuna ranar da matsalar ta fara, musamman idan bayan sabunta manhajar ne, ka faɗa. Wannan yana nuna masa wane canji zai fara dubawa.

To, a nuna mini cikakken rahoto yadda zai kasance.

Ga na mai shagonmu, kuma ka lura cewa kanun kaɗai ya riga ya faɗi me ke faruwa da kuma lokacin da yake faruwa.

Kanu: Gyara rasit babu intanet yana sa a cire kaya sau biyu bayan intanet ta dawo.

Barka da aiki, Malam. Waya: Samsung Galaxy A14, Android 13. Sigar manhaja: 3.2.1. Asusun maigida.

Matakai:
1. Na ƙirƙiri kaya mai suna Gwaji, adadi 100 (hoto na 1).
2. Na kunna `Airplane mode`.
3. Na danna `New Sale`, na zaɓi Gwaji, na rubuta 10, na danna `Save`.
4. Na buɗe rasit ɗin, na danna `Edit`, na mayar da 10 zuwa 4, na danna `Save` (hoto na 2).
5. Na duba Gwaji, yana 96 (hoto na 3).
6. Na kashe `Airplane mode`, na jira manhajar ta gama aika bayanai.

Abin da na sa ran gani: 96. Abin da na gani: 86 (hoto na 4). Na gwada sau uku, duka 86. Da intanet a kunne tun farko na gwada sau uku, ana samun 96 daidai. Ta fara faruwa a ciniki na gaske ranar Talata da ƙarfe 4:12 na yamma, rasit 0417: ya kamata a sami 37, aka sami 32. Illarta a gare mu ita ce manhajar tana nuna kaya sun kusa ƙarewa alhali suna nan, kuma lissafin yamma ba ya daidaita. A yanzu mun daina gyara rasit idan babu intanet. Zatona, tana ɗaukar gyaran a matsayin sabon ciniki. Na gode.

Layin da ya faɗi illa yana da muhimmanci, domin da shi mai gyara ke yanke shawarar abin da zai fara yi a cikin tarin aikin da ke gabansa. Ka faɗi gaskiyar illar, kada ka kambama. Wanda kullum yake cewa "gaggawa", ranar da ta zama gaggawar gaske ba za a bambance ba.

A ina zan tura? Zan iya yin saƙon murya kawai?

Ka fara duba cikin manhajar, ko akwai `Help`, `Support` ko `Report a problem`, domin wasu suna haɗawa da bayanan wayar da kansu. In babu, shafin manhajar a Play Store yana ɗauke da adireshin imel na masu ita. Wurin ba da taurari da sharhi ba wurin rahoto ba ne: gajere ne, kuma ba a haɗa hoto.

Idan ta WhatsApp kuke magana, ka tura hotunan a matsayin `Document`, domin hanyar da aka saba tana matse hoto har ƙananan lambobi su dushe. Saƙon murya kuwa yana da daɗin yi, amma ba a iya kwafe lamba daga cikinsa, ba a iya neman kalma, kuma idan za a miƙa wa wani ma'aikacin sai an sake sauraro an rubuta. Idan rubutu yana maka nauyi, ka yi muryar don ƙarin bayani, amma matakan da lambobin a sa wani ya rubuta maka su.

Matsaloli uku nake da su. In haɗa su a saƙo ɗaya?

Ka raba su, kowace da kanunta. Ana ba kowane rahoto lambarsa, ana rufe shi idan an gyara. Idan uku ne a ciki aka gyara ɗaya, biyun sukan bi ta a rufe.

Ya ce a wurinsa tana aiki lafiya. Yana nufin ƙarya nake yi?

Ba haka yake nufi ba. Yana nufin har yanzu akwai bambanci tsakanin wayarsa da taka, ko tsakanin yadda ya bi matakan da yadda ka bi. Masu haɗa manhaja galibi suna gwaji ne a kan intanet mai ƙarfi da ba ta yankewa, shi ya sa tangarɗa irin ta misalinmu take iya daɗewa ba su gan ta ba. Ka roƙe shi ya gaya maka a wane mataki sakamakonsa ya rabu da naka, sannan ka tura bidiyo kamar yadda aka bayyana a amsar hoto baƙi.

Yana iya neman ka turo masa fayil ɗin da Android ke haɗawa na abin da ya gudana a cikin wayar. Ana samunsa ta hanyar danna `Build number` sau bakwai a bayanan wayar, abin da ke buɗe `Developer options`, a ciki akwai `Bug report` ko `Take bug report`. Ka haɗa shi da zarar matsalar ta faru, domin sababbin bayanai suna ture tsofaffi. Ka sani cewa fayil ɗin yana ɗauke da bayanan wayar gaba ɗaya, har da na wasu manhajojin, don haka ga wanda ka amince da shi kaɗai za ka tura, ta hanyar da aka ambata a amsar inda ake turawa.

An ce an gyara. Ta yaya zan tabbatar, kuma tsohon lissafina fa?

Ka sabunta manhajar, ka duba lambar sigar ka ga ta canza, sannan ka ɗauko rahotonka ka bi matakan nan shida kamar yadda ka rubuta su, da Gwaji yana 100. Idan ka sami 96 bayan intanet ta dawo, ka gwada maƙwabtan matsalar ma, domin gyara yakan toshe hanya ɗaya ya bar ta kusa da ita. Ka ƙara adadin maimakon ragewa, daga 4 zuwa 10, ya kamata ka sami 90. Ka gyara rasit ɗin sau biyu a jere. Ka soke shi gaba ɗaya babu intanet, ya kamata Gwaji ya koma 100. Idan kuna da waya fiye da ɗaya a shagon, kowace sai an sabunta ta, in ba haka ba wadda aka manta za ta ci gaba da ɓata lissafin kowa. Duk abin da ka samu, ka mayar da amsa a kan rahoton farko tare da lambar sabuwar sigar.

Tsohon lissafin kuwa, gyaran manhaja yakan hana sabon kuskure ne kawai, ba ya komawa baya da kansa. Kwan lantarkin nan zai ci gaba da nuna 32. Ka tambayi mai manhajar ko zai iya zaƙulo duk rasit ɗin da aka gyara babu intanet tun ranar da matsalar ta fara, ya daidaita su daga wurinsa, ko aƙalla ya ba ka jerinsu. Ka jira amsarsa kafin ka gyara da hannu, domin idan ka ƙara 5 shi ma ya ƙara 5, za ka tashi da 42. Idan ya ce kai za ka yi, ka ƙirga kayan da abin ya shafa a kan kanta, ka shigar da adadin gaskiya ta wurin daidaita kaya, galibi `Stock adjustment`, ka rubuta lambar rasit ɗin a wurin dalili, sannan ka goge Gwaji da cinikinsa don kada ya shiga lissafin wata.